Kundin gashin tsire: daidaita wuta da nunar nama

3 ga Mayu, 2025

Abin da nake son cim ma a wannan aiki shi ne in iya gasa kilo biyu na naman sa a kan ƙaramin murhun gawayi, kowane tsinke ya nuna har ciki, ba tare da yajin ya ƙone ba. Murhun na ƙarfe ne, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 35, yana da murfi da ƙofar iska a ƙasa. Ragar da ake ɗora naman tana kamar santimita 10 a saman garwashi.

Yau na gasa rabin kilo kawai don in ga halin murhun. Na baza garwashi ya cika ƙasan murhun daga bango zuwa bango, yadda yawanci ake yi, na yanka naman ƙwaya-ƙwaya mai kaurin santimita uku, da kitsensa. Minti biyu na farko komai lafiya. Daga nan kitse ya fara narkewa yana ɗiga, kowane ɗigo ya taɓa garwashi sai ya yi "fuu", kafin a ce me harshen wuta ya lashi tsinke uku a tare. Na matsar da su gefe, amma gefen ma garwashi ne, sai wutar ta bi su can. A minti na shida bayan naman ya yi baƙi ƙirin. Na tsaga ƙwaya ɗaya: tsakiyarta ja ce jawur, ɗumi-ɗumi kawai.

Matsala biyu ke nan a rana ɗaya, kuma tushensu ɗaya. Harshen wuta yana ƙona baya cikin daƙiƙu kaɗan, shi kuwa zafi yana shiga cikin nama ne a hankali, ba ya gaggawa don an ƙara wuta. Wanda ya ga baƙi ya sauke, ya sauke ɗanye. Wanda ya jira ciki ya nuna a kan irin wannan wuta, gawayi zai ci.

10 ga Mayu

Na sauya shimfiɗar garwashi. Na tara shi a kashi biyu cikin uku na murhun, mai kauri a can ƙarshe, yana raguwa zuwa tsakiya, sauran kashi ɗaya na bar shi fayau babu ko ƙwaya. Yanzu akwai wuri mai zafi sosai, akwai matsakaici, akwai kuma wurin gudun hijira.

Na kuma ƙara haƙuri wajen hura wuta. Gawayi yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya daina ci da harshe, ya koma ja, farar toka ta lulluɓe shi. Idan har ana ganin baƙin gawayi a sama, wutar ba ta zauna ba: wani wuri ya yi zafi, wani bai kama ba, hayaƙinsa kuma yana da ɗaci. Gwajin da nake yi shi ne in miƙa tafin hannu kamar tsawon taƙi ɗaya a saman raga in ƙirga. A ɓangaren zafi daƙiƙa biyu zuwa uku nake iya jurewa, a tsakiya biyar zuwa shida, a ɓangaren da babu garwashi kuwa fiye da goma.

Naman irin na makon jiya ne, yankan ma haka, da gangan, don in ga abin da shimfiɗar kaɗai za ta canja. Wuta ta tashi kamar da. Bambancin shi ne da na ɗauke tsinken zuwa wurin da babu garwashi, kitsen ya ci gaba da ɗiga a kan ƙarfe ba tare da ya kama ba, harshen da ya tashi kuma ya cinye ɗan man da ya zuba ya kwanta da kansa cikin daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin. Sai in mayar. Wutar kitse ba ta da abin ci sai abin da naman ke zuba mata. An ɗauke naman, an yanke mata abinci.

Ƙanena yana tsaye yana kallo, da kofin ruwa a hannu. Ya ce, "Yaya, in yayyafa mata?" Na ce ya gwada a kusurwa ɗaya, inda babu nama. Ya yayyafa. Toka ta yi tsalle ta bi iska ta sauka a kan raga, garwashin wurin ya dushe, man da ke ci kuma ya fantsama gefe ya kama a wani sabon wuri. Da nama na wurin da ya sha toka. Ruwa ba ya haɗuwa da mai, yana dai zama turiri nan take ya watsa shi. In wutar ta yi yawa har ta cika murhun, a kwashe tsinken duka, a rufe murfi da ƙofar iska, za ta mutu don rashin iska. Gishiri ko yashi ma suna danne ta. Amma ba a watsa ruwa a wutar mai.

18 ga Mayu

Yau kan yanka na tsaya, kuma a nan na ga canjin da ya fi kowane girma.

Lokacin da zafi ke ɗauka kafin ya kai tsakiyar nama ba ya tafiya daidai da kauri. In an ninka kauri sau biyu, lokacin yana ninkuwa kusan sau huɗu. Shi ya sa ƙwaya mai santimita uku take shan wahala a kan wuta mai ƙarfi: bayanta ya gama nuna tun tuni, yana ta bushewa yana ƙonewa, alhali ciki bai kai ba. Saboda haka na raba kilo ɗaya gida biyu. Rabi na yanka shi fale-fale, kaurin milimita biyar, faɗin yatsa biyu, tsawon yatsa ɗaya da rabi. Ɗaya rabin na yi ƙwayoyi masu santimita biyu da rabi.

Don yanka ya fita sirara kuma daidai, na sa naman a firiza na kamar minti 40, ya ɗan ƙandare amma bai zama ƙanƙara ba. Wuƙa tana bi sumul. Na yanka a gicciye, wato na datse zaren tsokar, ban bi tsawonsa ba. Naman da aka yanka bisa tsawon zare, ko ya nuna daidai, sai an yi ta ja da haƙori.

Kitse kuma na rage shi, ban cire duka ba. Duk wani farin dunƙule da ya wuce kaurin milimita uku a gefe na yanke, haka ma farar jijiyar nan mai sheƙi da ke manne a bayan tsoka, domin ita ba ta narkewa a ɗan gajeren gashi, sai dai ta takure ta lanƙwasa naman. Kitsen da ke ratsa cikin tsoka shi ne ke ba da taushi da daɗi, kuma ba ya zuba da yawa lokaci ɗaya. Na gefen ne ke kunna wuta.

Fale-falen na soka su ina shiga ina fita, na miƙar da su a jikin tsinke yadda za su kwanta shimfiɗe. In aka cukuikuye su wuri ɗaya, an mayar da siririn yanka mai kauri ke nan, lungunan da suka naɗe kuma su ne ke fitowa ɗanye. Ƙwayoyin na bar ɗan tsakani tsakaninsu, kamar kaurin tsinken kansa, don zafi ya shiga gefe da gefe.

Sakamako: fale-fale minti biyu zuwa uku kowane gefe a ɓangaren zafi, suka nuna, wuta ta tashi sau ɗaya kawai. Ƙwayoyi sun sha minti huɗu a zafi ina juya su ta fuska huɗu, sannan minti shida a ɓangaren da babu garwashi da murfi a rufe. Duka biyun sun ciwu. Amma kada a haɗa su a tsinke ɗaya, ko a zubi ɗaya in da hali, don agogonsu ba ɗaya ba ne.

25 ga Mayu

An yi iska mai ƙarfi, garwashi yana ta ja yana cinyewa da sauri, zafin ɓangaren matsakaici ya koma kamar na ɓangare mai zafi sosai. Na juya murhun ya ba iska baya, na rage ƙofar ƙasa zuwa rabi. Ya daidaitu. Shigar da murhu cikin ɗaki ko rumfa mai rufe don gudun iska ba zaɓi ba ne: gawayi yana fitar da iskar kabon monokzaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Tsinken itace da na jiƙa rabin awa a ruwa duk da haka ya ƙone a bakinsa inda nama bai rufe ba. Jiƙon yana jinkirta ƙuna ne kawai. Na koma tsinken ƙarfe mai faɗi, wanda kuma ya magance wani abin haushi: a kan zagayayyen tsinke, idan nama ya fara takurewa sai ramin ya buɗe, ka juya tsinke naman ya ƙi juyawa, fuska ɗaya ta yi ta kallon wuta.

7 ga Yuni

Yaji. Haɗina mai sauƙi ne, ga kowane kilo na nama: gishiri giram 12, garin barkono babban cokali ɗaya, garin citta ƙaramin cokali biyu, garin tafarnuwa ƙaramin cokali biyu, garin albasa ƙaramin cokali biyu, da mai babban cokali ɗaya. Abin da nake son sani shi ne yaushe ya kamata kowanne ya hau naman.

Na yi kashi uku. Na farko na zuba masa komai tun kafin gashi, na tsoma shi cikin mai har yana ɗiga. Na biyu komai tun farko amma man ɗan shafawa kawai. Na uku gishiri da rabin yajin tun awa biyu kafin gashi, yana cikin firiji, sauran rabin kuma sai a minti na ƙarshe.

Kashin farko shi ya fi tayar da wuta, tun kafin kitsen naman ya fara narkewa, don man da ke bayansa ya riga ya zama ruwa, ana ɗorawa yana zuba. Wannan ya nuna mini cewa ba kitse kaɗai ke da laifi ba; mai gashi da kansa yana iya kawo wa wutar makamashi a cikin kwanon haɗi. Babban cokali ɗaya a kilo, a murza shi da hannu ya bi ko'ina, ya isa ya riƙe yaji ya hana nama mannewa a raga.

Kashi na biyu bai tayar da wuta sosai ba, amma akwai ɗaci-ɗaci a inda ya fi kusa da garwashi. Garin tafarnuwa da garin barkono busassun abubuwa ne masu laushi, suna ƙonewa tun kafin nama ya yi ja. Hanci ne ke fara sanarwa: ƙanshi ya juya ya zama ƙauri mai shaƙe maƙogwaro. Duk haɗin da ke da sukari ko zuma ya fi wannan saurin baƙi.

Na uku shi ne ya yi. Gishirin ya samu lokacin shiga ciki, rabin yajin farko ya gasu tare da naman, rabin ƙarshen kuma ya ji ɗumi kawai a ɓangaren matsakaici, ƙanshinsa ya tashi bai ƙone ba. Abin lura ɗaya: yajin ƙarshe da man shafawa na ƙarshe a ware su a kwano daban tun kafin a taɓa ɗanyen nama. Ragowar da ɗanyen nama ya kwanta a ciki ba a barbaɗa ta a kan wanda ya nuna, haka ma farantin da ya ɗauko ɗanye ba shi zai karɓi gasasshe ba.

Kafin ɗorawa nakan goge danshin da gishiri ya jawo. Jiƙaƙƙen nama sai ruwan bayansa ya ƙafe kafin ya fara yin ja, domin muddin da ruwa zafin fuskar ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Selsiyus, jan gashi kuwa sai wajen digiri 140 yake farawa sosai. A kan siririn yanka wannan jinkirin ya isa ya busar da ciki.

15 ga Yuni

Na samu ma'aunin zafi mai siririn baki. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ba da digiri 63 a ma'aunin Selsiyus a matsayin mafi ƙarancin zafin da cikin nama zai kai kafin a ci, ga naman sa da ba a niƙa ba, tare da barinsa ya huta minti uku, sannan digiri 71 ga niƙaƙƙen nama. Dalilin bambancin shi ne a dunƙulen tsoka ƙwayoyin cuta a baya suke, inda wuta ke fara kashe su, niƙa kuwa yana cakuɗa bayan da ciki. Tsire yana tsakani: ba niƙaƙƙe ba ne, amma tsinke ya ratsa daga baya zuwa tsakiya, yana iya tura abin da ke waje ciki. Don haka ni 63 ita ce iyakata ta ƙasa, ba na sauka daga nan, kuma in akwai yara ƙanana, tsofaffi ko mai ciki cikin masu ci, nakan kai shi 71.

Auna ƙwaya yana son dabara. A ɗauke tsinken daga kan wuta tukuna, a soka ma'aunin ta gefe zuwa tsakiyar ƙwayar da ta fi girma, kada bakinsa ya taɓa ƙarfen tsinke, don ƙarfen ya fi naman zafi, zai ba da lamba ta ƙarya. Ƙwayoyin tsakiyar tsinke da na kusa da mariƙi sukan makara, su nake aunawa, ba ta baki ba.

Abin da ma'aunin ya nuna ya rage mini yarda da ido. Wata ƙwaya da ta sha harshen wuta, bayanta baƙi, ta ba da 49. Wata da ta zauna a ɓangaren sanyi, bayanta launin ƙasa-ƙasa kawai, ta ba da 68. Ko launin ciki ba shaida ba ne mai ƙarfi, yana iya zama da ɗan ja-ja bayan ya wuce 63. Ruwan ja da ke fita ma ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da sinadarin da ke ba ta launi.

Fale-falen milimita biyar ba su da inda ma'auni zai zauna sosai. A nan alamu nake bi: gefuna su ɗan naɗe, ɗigon ruwa su tsattsafo a fuskar sama, sai a juya, bayan gefe na biyu ya yi ja, a tsaga wurin da ya fi kauri, inda tsinke ya shiga, a ga babu sheƙin ɗanye. In an taɓa shi ya yi tauri kamar fata, an wuce.

28 ga Yuni

Cikakken gwaji, kilo biyu, duka ƙwayoyi masu santimita biyu da rabi. Ya ba da tsinke 20, kowanne kimanin giram 100. Gawayi kilo ɗaya da rabi.

Ƙarfe 3:00 na sa gishiri da rabin yaji, na mayar firiji. Ƙarfe 4:30 na hura wuta, 5:00 toka ta rufe, na shimfiɗa ta gida uku kamar da, na kankare raga. Ragar tana ɗaukar tsinke goma in an cusa, amma bakwai na ɗora a zubi, don in wurin da babu garwashi ya cika da nama, babu inda za a gudu in wuta ta tashi. Zubi uku ke nan: bakwai, bakwai, shida.

Zubin farko ya hau 5:05. Minti ɗaya kowace fuska a ɓangaren zafi. A fuska ta uku wuta ta tashi a ƙarƙashin tsinke biyu; na ƙirga, ta wuce daƙiƙa uku ba ta kwanta ba, na janye su. Ƙaramin harshe da ke tashi ya mutu nan take ba na motsa masa, don in ana gudun kowane ƙyalli naman ba zai taɓa yin ja ba. Wanda ke zama, mai launin rawaya da baƙin hayaƙi, shi ne ke shafa kunkunniya a jikin nama ya bar ɗanɗanon mai ƙonanne. A 5:10 duka suka koma ɓangaren da babu garwashi, na rufe murfi da ƙofar iska rabi a buɗe. A 5:15 ma'auni ya ba da 58 zuwa 61. Na barbaɗa sauran yajin, minti ɗaya da rabi a matsakaici, suka kai 63 zuwa 65, na sauke. Bayan hutun minti uku sun ƙaru da digiri ɗaya ko biyu. Ƙananan yanka ba sa ƙaruwa da yawa kamar babban dunƙule, don haka ba na dogara da hutu ya cike giɓi.

Zubi na biyu ya fi na farko rigima, kuma ba daga naman ba ne. Kitsen zubin farko ya taru a kan raga da cikin toka a bakin garwashi, ana ɗora sabon nama ya kama a wuri uku. Kafin zubi na uku na kankare raga, na ja garwashin da ya jiƙe da mai na bar shi ya cinye kansa minti biyu. Wuta sau ɗaya ta tashi. Sai dai a lokacin garwashin ya yi sanyi, hannu na jure daƙiƙa biyar a inda da yake biyu, fuskokin suka ɗauki minti biyu-biyu kafin su yi ja, naman kuma ya fi sauran bushewa kaɗan.

5 ga Yuli

Gyara biyu daga makon jiya. Na lanƙwasa takardar alminiyum ta zama ɗan tire na ajiye a ƙasan ɓangaren da babu garwashi, kitse yana taruwa a ciki maimakon ya gangara zuwa wuta. Na kuma ƙara baƙin gawayi cikin hannu biyu a can ƙarshen ɓangaren zafi tun ana ɗora zubin farko, nesa da nama, don ya kama ya yi toka kafin zubi na uku. Zafin ya riƙe: daƙiƙa uku a gwajin hannu har ƙarshe, zubi na uku ya sauka cikin minti 12, kusan daidai da na farko.

Tiren yana son a sa masa ido. Zuwa ƙarshen zubi na biyu ya tara mai kusan rabin kofin shayi, gefensa da ke kallon garwashi ya fara hayaƙi, sai na cire shi da awartaki na sa sabo. Mako mai zuwa zan gwada naman da ya fi wannan kitse a cikin tsoka, da ragar a ɗage zuwa santimita 14, in ga ko ƙarin tazarar za ta rage buƙatar janyewa ba tare da ta hana bayan yin ja ba.